Firam ɗin ƙarfe ya lotsa 32 mm a kwamfuta, kusurwarsa kuma babu komai

Nura Batagarawa: Assalamu alaikum manyanmu. Don Allah a duba mini wani aiki. Oga ya ba ni lissafin rumfar ajiyar hatsi da za a kafa a hanyar Dutsin-Ma. Firam ne na ƙarfe mai ƙafa biyu da bim a kwance a kansu, faɗi mita 8, tsayi mita 4, duka IPE 300, kuma za a yi wa kusurwoyin biyu walda gam. Na ɗora 10 kN a kowace mita a kan bim ɗin, na saka a STAAD.Pro. Momen a tsakiyar bim ya fito 83.3 kNm, lotsawa 32 mm da ɗoriya, a kusurwa kuwa sifili. Oga ya kalla sau ɗaya ya ce ba haka ba ne, ya shiga mota ya tafi Funtua. Ni dai manhajar ba ta nuna mini wani kuskure ba.

Abdul'aziz: Wa alaikumus salam. Mesh ɗinka ne ya yi girma. Duk aikin FEA haka yake, sai ka yi ta rage girman guntayen har amsar ta daina canzawa. Raba bim ɗin gida goma ka gani.

Nura Batagarawa: Na raba gida 10, na sake raba shi gida 50. Ko ɗigo bai motsa ba, 83.3 ɗin nan dai.

Abdul'aziz: To ai shi ke nan, amsar ta zauna. In ka ƙara mesh ba ta canza ba, daidai take. Wataƙila Ogan ne bai duba da kyau ba.

Injiniya Lawal Ƙofar Sauri: Abdul'aziz, a hankali. Amsar da ta zauna tana nuna kwamfuta ta warware abin da aka ba ta ne kawai. Ba ta nuna abin da aka ba ta shi ne rumfar da za a gina. Nura, bar zancen momen tukuna. Turo mini riyakshin na ƙafafun biyu, na tsaye da na kwance, sannan ka kwafo layukan sapot yadda ka rubuta su.

Nura Batagarawa: Ranka ya daɗe, na tsaye 43.3 kN a kowace ƙafa. Na kwance sifili duka biyun. Ga layukan:

```
SUPPORTS
1 PINNED
4 FIXED BUT FX MZ
LOAD 1
SELFWEIGHT Y -1
MEMBER LOAD
2 UNI GY -10
```

Injiniya Lawal Ƙofar Sauri: Yawwa. Abu biyu ne a nan, ɗaya ƙarami, ɗaya babba.

Ƙaramin shi ne 43.3. Lodin da ka ce ka ɗora 10 sau 8 ne, wato 80 kN, ya kamata kowace ƙafa ta ɗauki 40. Amma jimillar taka 86.6 ce. Rarar 6.6 ɗin nauyin ƙarfen ne da kansa: IPE 300 na da nauyin kilo 42.2 a mita, kana da mita 16 gaba ɗaya. Wannan ba laifi ba ne, dole ma ya shiga lissafin ƙarshe. Sai dai yanzu da za mu gwada da lissafin hannu, cire layin `SELFWEIGHT` na ɗan lokaci don lambobin su fito tas.

Babban kuwa yana gaɓa ta 4. Ka saki FX, wato ka gaya wa kwamfuta cewa ƙafar dama a kan taya take, ta zame yadda ta ga dama. Buɗe teburin motsin gaɓoɓi ka faɗa mini nawa ta zame.

Nura Batagarawa: Kai! Wajen 100 mm. Ban taɓa buɗe wannan teburin ba, lotsawar bim kawai nake kallo. Amma Injiniya, ai haka aka saba, gefe ɗaya `PINNED`, ɗaya gefen rola, don kada ginin ya ɗaure kansa.

Injiniya Lawal Ƙofar Sauri: Haka aka saba a bim ɗin gada, da kuma tambayar jarrabawa da ake so lissafin ma'auni kaɗai ya warware ta. Taka ƙafar fa? Faranti ne da kusoshi a cikin kankare. In ta zame santimita goma ai ranar ba lissafi za a yi ba, gudu za a yi.

Ga abin da ya faru a cikin kwamfutar. In bim ya lotsa, bakinsa yana juyawa. Tun da kusurwar a haɗe take gam, ƙafar ma sai ta juya tare da shi, gindinta ya nemi fita waje. In tushe ya riƙe gindin, wannan riƙon shi ne riyakshin na kwance, kuma shi sau tsayin ƙafa shi ne momen na kusurwa. Kai ka cire riƙon, sai momen na kusurwa ya tafi, bim ɗin ya koma kamar wanda aka aza a kan bango biyu kurum. Shi ya sa ka sami wL²/8 cif: 80, da nauyin ƙarfe 83.3. Ogan naka sifilin kusurwa ya gani, shi ya sa bai tsaya ba.

Nura Batagarawa: Na mayar da su `1 4 PINNED`, na cire nauyin ƙarfe. Yanzu kusurwa 39.8 kNm, tsakiya 40.2, na kwance 9.95 kN, lotsawa 12.9 mm. To yanzu ta yaya zan san wannan ɗin ma daidai ne? Ɗazu ma ai lambobi ya ba ni masu kyau.

Injiniya Lawal Ƙofar Sauri: Ɗauko takarda. Abu na farko ba ya buƙatar komai: momen na kusurwa da na tsakiya in an haɗa dole su ba da wL²/8, ko wane irin sapot ka sa, matuƙar gefen biyu iri ɗaya ne. 39.8 da 40.2, 80. Sannan na kwance sau tsayi, 9.95 sau 4, shi ne 39.8.

Na biyu shi ne rabon momen. A ɗauka an danne bakin bim ɗin biyu ba sa juyawa, momen ɗin baki zai zama wL²/12, wato 53.3. Sai a saki kusurwar ta juya, bim da ƙafa su raba gwargwadon taurinsu. Taurin ƙafa mai gindi `PINNED` 3EI/h ne. Taurin bim, tun da gefen biyu suna juyawa daidai da juna, 2EI/L ne.

```
ƙafa : 3EI/4 = 0.75 EI
bim  : 2EI/8 = 0.25 EI
M kusurwa = 53.3 x 0.75 = 40 kNm
M tsakiya = 80 - 40 = 40 kNm
```

Lotsawa kuma, EI na IPE 300 kusan 17,550 kNm² ne, tun da I ɗinsa 8356 cm⁴, E kuma 210 GPa. Bim da aka aza kawai zai lotsa 5wL⁴/384EI, wato 30.4 mm. Momen na bakin biyu suna ɗaga shi da ML²/8EI, wato 18.2 mm. Saura 12.2 mm.

Abdul'aziz: To ai ga shi ba su zo ɗaya ba. Hannu 12.2, kwamfuta 12.9. Bambancin ya kai kashi biyar cikin ɗari. Wa za a bi?

Binta M. (Kaduna): Abdul'aziz, ba cewa za a yi "sun yi kusa" a wuce ba, sai an nemo inda 0.7 ɗin ya fito, kuma ana iya nemo shi. Lissafin Baba Lawal lanƙwasa kaɗai ya duba. Kowace ƙafa tana ɗauke da 40 kN, tana gajarcewa da kusan 0.14 mm. Sannan STAAD tana saka nakasar shiya a cikin bim in ba ka hana ta ba, kuma a wannan bim ɗin hakan na ƙara kusan rabin milimita, domin cikin IPE 300 siriri ne, kaurinsa 7.1 mm. Ɗan abin da ya rage daga saukar momen ne daga 40 zuwa 39.8. Nura, saka `SET SHEAR` a saman fayil ɗin ka sake gudu. In na yi daidai za ka ga 12.3, kusurwa kuma ta koma dab da 40.

Nura Batagarawa: 12.3 mm, kusurwa 39.97. Na gode Anti Binta.

Abdul'aziz: Na ji wannan. Amma ni har yanzu ban yarda a ce mesh ba shi da tasiri a firam ba. Lokacin da nake aikin kammala karatu na rubuta ɗan shiri da MATLAB na irin wannan firam, kuma da idona na ga amsa tana canzawa duk sanda na ƙara guntaye.

Binta M. (Kaduna): Ka gani da gaske, ban musa ba. Yaya ka saka lodin? Ina kyautata zaton tattara shi ka yi ka ɗora a kan gaɓoɓi, rabi nan rabi can, ba tare da momen ba.

Abdul'aziz: Eh, haka na yi.

Binta M. (Kaduna): To lodin ne kake gyarawa da ka ƙara guntaye, ba bim ɗin ba. Guntun bim na FEA yana ɗaukar siffar lanƙwasa mai x³, kuma ainihin siffar bim ke nan in lodi a bakinsa kaɗai yake. Saboda haka in aka mayar da shimfiɗaɗɗen lodi zuwa gaɓoɓi yadda ya kamata, wL/2 tare da wL²/12 a kowane baki, motsin gaɓoɓin yana fitowa daidai ko da guntu ɗaya ne tak. Manhajojin firam haka suke yi, shi ya sa Nura ya raba 50 bai ga komai ba.

A naka shirin, ɗauki firam ɗin nan na Nura. In ka raba bim biyu, 40 kN zai zauna a tsakiya, sauran ya tafi kan ƙafafu kai tsaye, kusurwa ta ba ka 30 a maimakon 40. Gida huɗu, 37.5. Gida takwas, 39.4. Kuskuren na raguwa zuwa rubu'insa duk sanda ka ninka guntaye. Abin da zai ruɗe ka shi ne jimillar riyakshin tana nan 80 tun daga farko, don haka duba riyakshin kaɗai ba zai kama wannan ba.

Akwai inda raba memba ke da amfani ko a manhaja mai kyau: in kana neman lodin da ƙafa za ta gurɗe, ko girgiza, ko memba mai kauri a gefe ɗaya siriri a ɗaya. Aikin Nura bai kai can ba tukuna.

Sagir Mai Walda: Sallama ga injiniyoyi. Ni ban san wannan lissafin naku ba, amma rumfa ce sana'ata. Na haɗa wata a Mai'adua, mita tara, da bututu mai inci huɗu da tiros na angul, ga ta nan tsaye damina uku. Me zai sa a sa ƙarfe mai nauyin wannan a rumfar mita takwas? Ku masu kwamfuta kuna sa mutane asarar kuɗi.

Injiniya Lawal Ƙofar Sauri: Malam Sagir, tiros daban, wannan daban. Amma tambayarka ba ta faɗi ƙasa ba. A 40 kNm, sitires ɗin wannan bim 72 N/mm² ne, ƙarfen kuma sai ya kai 275 yake sallamawa. In kwano kaɗai zai ɗauka, ya yi yawa. Nura, mene ne a kan bim ɗin da ya kai 10 kN a mita?

Nura Batagarawa: Mai wurin yana so a yi ɗan bene mara nauyi a sama nan gaba, na buhunan wofi da tamfol. Ƙiyasi ne na Oga, ba a kammala ba.

Sagir Mai Walda: In an ce buhun wofi, ku shirya wa buhun gero. Na san mutanenmu. Wata magana kuma, ƙarfen da za ku sayo a Ƙofar Ruwa, ku tafi da baniya ku auna kaurin leɓensa. Ba duk abin da aka kira 300 ne yake cika abin da ke littafinku ba.

Binta M. (Kaduna): Wannan ta Malam Sagir a riƙe ta. Leɓen IPE 300 a tebur 10.7 mm ne, kuma kaso mafi yawa na I daga leɓunan yake. In aka kawo mai 9, lotsawa za ta ƙaru da fiye da kashi goma cikin ɗari, mu kuwa nan muna ta ja-in-ja a kan 0.7 mm.

Usman Ɗandagoro: Ni inda ban gamsu ba shi ne `PINNED`. Faranti mai kusoshi huɗu a cikin kankare, a ce yana juyawa? A ofishinmu `FIXED` muke sawa kullum, kuma ya fi kusa da gaskiya.

Injiniya Lawal Ƙofar Sauri: Usman, mu gwada duka biyun a firam ɗin nan. In gindi `FIXED` ne, taurin ƙafa ya zama 4EI/h, rabonta ya tashi daga 0.75 zuwa 0.8. Kusurwa 42.7, tsakiya 37.3, lotsawa 10.9 mm. Ka ga a bim ɗin bambancin kaɗan ne. Amma gindi yanzu yana da momen 21.3 kNm, na kwance kuma ya tashi daga 10 zuwa 16 kN. Tambayata: wa zai ɗauki 21.3 ɗin? Nura, wane tushe Oga ya zana?

Nura Batagarawa: Mita 1.5 da 1.5, kauri rabin mita.

Injiniya Lawal Ƙofar Sauri: Nauyinsa 27 kN ke nan, da 40 na ƙafa, 67. Momen a ƙarƙashinsa 21.3 ne da ƙarin 16 sau 0.5, wato 29.3. Raba 29.3 da 67, ka sami 0.44 m. Domin tushe ya zauna daram ba gefen da ya ɗaga, bai kamata wannan ya wuce kashi ɗaya cikin shida na faɗinsa ba, wato 0.25 m. To gefe ɗaya zai ɗaga, tushen ya juya, kuma da zarar ya juya `FIXED` ɗin da ka rubuta babu shi. Kana iya sa `FIXED`, amma sai ka biya kuɗinsa da kankare da faranti mai kauri da kusoshi a wajen leɓuna. Abin da nake ƙi shi ne mai lissafin ƙarfe ya sa `FIXED` don lambobinsa su yi kyau, mai zana tushe kuma ya ɗauki lodin tsaye kaɗai. Na sha ganin haka a takardun da ake kawo mini.

Usman Ɗandagoro: To tun da bambancin a bim kaɗan ne, ai duk wanda aka sa ɗaya ne.

Binta M. (Kaduna): A lodin sama kawai. Tura firam ɗin daga gefe ka gani, kamar guguwar farkon damina da ke yaye kwano a Katsina duk shekara. A ce 10 kN a kusurwar sama. Da `PINNED`, momen a kowace kusurwa 20 kNm ne, saman kuma ya karkata 12.2 mm. Da `FIXED`, kusurwa 7.5, gindi 12.5, karkata 2.7 mm. Ninki huɗu da rabi ke nan, daga kalma ɗaya a fayil. Babu girman mesh da zai taɓa kawo irin wannan tazarar.

Usman Ɗandagoro: Shi ya sa na ce `PINNED` tsoro ne kawai. Ba yadda za a yi rumfar ta karkata 12 mm da kusoshi huɗu.

Binta M. (Kaduna): Ba za ta kai 12 ba, ba kuma za ta tsaya a 2.7 ba. BS 5950 ta yarda a ba gindin da aka ɗauka `PINNED` kashi 20 cikin ɗari na taurin ƙafa in ana lissafin karkata, kashi 10 in ana duba tsayuwar firam. A nan kashi 20 na 4EI/h kusan 3,500 kNm ne a kowane radiyan, kuma in ka sa shi a matsayin sifirin a gindi karkatar tana dawowa 7.3 mm. A kula da awo dai, wata manhajar a kan digiri take karɓar lambar, wata a kan radiyan, tsakaninsu kuwa ninki 57 ne.

Usman Ɗandagoro: Kashi 20 ɗin nan ai ƙa'ida ce ta ƙasar Ingila. A jigawar Daura da jan marmara na wajen Funtua ba zai zama ɗaya ba.

Injiniya Lawal Ƙofar Sauri: Wannan kam ka yi gaskiya, ba zai zama ɗaya ba. Ni abin da nake yi, in gudu sau biyu: bim da karkata in ɗauke su daga `PINNED`, tushe da kusoshi kuma in tabbata ba za su ji kunya ba in gindin ya riƙe wani abu. Wasu na cewa ɓarnar ƙarfe ce.

Usman Ɗandagoro: Ina cikin masu cewa haka, Injiniya, da girmamawa.

Jamilu K/Marusa: Ku gafarce ni in shigo da nawa. Da na ga zancen nan jiya na zana firam ɗin Nura a ANSYS da guntaye masu jiki, don in ga kusurwar da kyau. A lungun ciki, inda leɓen ƙasa na bim ya haɗu da leɓen ƙafa, ga abin da nake samu: mesh 20 mm, 118 N/mm². Mesh 10 mm, 161. Mesh 5 mm, 220. Mesh 2.5 mm, 301, wurin ya yi jawur, ya wuce 275. Ina so in gwada 1 mm amma laftof ɗina ta ɗauki zafi ta mutu. Ashe kusurwar nan ba za ta ɗauka ba?

Abdul'aziz: Ka ga abin da nake faɗa. Nan mesh yana aiki. Ka nemi kwamfuta mai ƙarfi ka ci gaba har ta tsaya.

Binta M. (Kaduna): Ba za ta tsaya ba, Abdul'aziz, ko kwamfutar wa ya aro. Jamilu, raba kowace lamba da wadda ta gabace ta.

Jamilu K/Marusa: 1.36, 1.37, 1.37.

Binta M. (Kaduna): Amsar da ke shirin zama, ƙarin da take yi raguwa yake: 43, sai 15, sai 5, haka. Taka ƙarin 43, 59, 81, kullum gaba. Dalili shi ne ka zana lungun da kaifi, kwana 90 babu ko ɗan zagaye. A lissafin ƙarfe mai miƙewa ya dawo, sitires a irin wannan lungu ba shi da iyaka. Williams ya warware wannan tun 1952: yana hawa ne kamar r^(-0.455), r kuwa nisa ne daga lungun. In ka raba girman guntu biyu, ka matso rabin nisa, sai ya ninku da 2^0.455, wato 1.37. Lambarka ke nan cif. A 1.25 mm za ka ga wajen 410, kuma ba abin da za ka ƙaru da shi.

A rumfar gaske akwai walda a lungun, kuma ƙarfe in ya kai 275 a ɗan ɗigon wuri sai ya saki kaɗan ya miƙa wa maƙwabta. Don haka kada ka karanta sitires a lungun. Sauka ƙasa a kan ƙafar da kamar zurfin memba, a ce 450 mm daga tsakiyar bim. A can momen 10 sau 3.55 ne, 35.5 kNm. Raba da W na IPE 300, 557 cm³, ka sami 64, ƙara 7 na lodin tsaye. Leɓen ciki ya ba ka kusan 71.

Jamilu K/Marusa: Na duba. 70, 71, 71, 71 a mesh ɗin huɗu. Lotsawar tsakiya ma ba ta wani motsa ba tun daga 10 mm. To in watsar da jan wurin ke nan?

Injiniya Lawal Ƙofar Sauri: Watsar da lambar, kada ka watsar da wurin. Kusurwar nan tana da aiki na gaske, kuma da hannu ake duba shi. Momen 40 kNm yana shiga ƙafa ne ta leɓunan bim biyu, tsakaninsu 289 mm. Raba, ka sami 138 kN, na sama yana ja, na ƙasa yana turawa. Wannan 138 ɗin yana dira a kan leɓen ƙafa, a bayansa kuma cikin nan ne mai 7.1 mm. Shiyar da ke cikin murabba'in kusurwar wajen 60 N/mm² ce, iyakarta kusan 159, babu damuwa. Amma ko cikin zai murƙushe a daidai inda leɓen ƙasa ke turawa, wannan sai an bi ƙa'ida an duba. Ni a irin wannan kusurwa sai in sa faranti biyu a cikin ƙafar, daidai da leɓunan bim. Duk lissafin da muka yi a sama mun ɗauka kusurwar ba ta buɗewa ne, kuma farantan nan ne ke sa hakan ya zama gaskiya.

Sagir Mai Walda: In za ku sa farantan, ku zana su a takarda da kaurinsu da girman walda. In ba a zana ba, yaran shago ba za su sa ba, kuma mai aiki ba zai biya ba.

Jamilu K/Marusa: Anti Binta, in na zana waldar da ɗan zagaye, lambar za ta tsaya?

Binta M. (Kaduna): Za ta tsaya in ka sa guntaye da dama a kan zagayen, amma za ta dogara ne da girman zagayen da ka zaɓa, kuma Malam Sagir ba da wannan awon zai yi waldar ba. Ga rumfar hatsi ban ga amfanin wahalar ba. Da kuren zai riƙa gudu a kai, lodi na hawa yana sauka dubban sau, da sai mu yi wata maganar. Ka duba gindin ƙafarka ma, in a kan gaɓa ɗaya ka danne shi, can ma za ka ga ja mai hawa irin wannan.

Nura Batagarawa: Oga ya dawo, ya ga 40 da 40 ya ce yanzu ne aka fara. Ya ce in mayar da nauyin ƙarfe da nakasar shiya, in saka iska daga gefe da wadda ke ɗaga rufi, in kuma nuna masa inda za a tokare leɓen ƙasa na bim kusa da kusurwa, tun da a can shi ke shan matsi. Zancen gindi kuma ya ce `PINNED` zai bi, da kusoshi huɗu a tsakanin leɓuna.

Usman Ɗandagoro: Huɗu a ciki? To ka gaya masa tushen 1.5 ɗin ya yi yawa ke nan.

Injiniya Lawal Ƙofar Sauri: Bari lissafin iska ya fito tukuna, Usman. Kafin a yi benen, kwano kaɗai ne a kai, kuma nauyin kankaren nan ne zai hana ƙafar tashi. Nura, in ka gama turo riyakshin na wannan lodin, musamman duk wanda ya fito da alamar ragi.